Amalanken da ke karkarwa a jikin bango: kundin aikin mako biyu

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Wasan da nake haɗawa ƙarami ne. Mai wasa yana loda kwalaye a kan amalanke, ya tura shi ta lungunan sito, ya kai su bakin mota ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba. Da Unity 6, manhajar haɗa wasanni, nake aikin, kuma burina ya yi tafiya a kan wayar Android mai matsakaicin ƙarfi, irin wadda ke hannun yawancin mutane.

Yau na gama jera bangwaye da kantoci, na ba ƙanena ya gwada a kwamfuta. Bai yi minti biyu ba ya juyo ya ce, "Yaya, amalanken nan zazzaɓi yake yi ne?" Na leƙa. Ya kai shi jikin bango ya ci gaba da danna maɓallin gaba, sai ga amalanke yana makyarkyata kamar wanda ruwan sanyi ya doka. A fili yana tafiya sumul. Da ya taɓa wani abu sai rawa.

Abu na biyu ya fi damuna. Kwalayen da ke kansa ba sa tafiya tare da shi. Yana tashi sai su sulale baya, su je su jingina da ɗan katakon da ke tare bayan amalanken, daga nan su ma su kama ɓari.

Ga abin da ke motsa shi, layi biyu ne da na rubuta tun ranar farko ban sake waiwayarsu ba:

```csharp
void Update()
{
    float gaba = Input.GetAxis("Vertical");
    transform.position += transform.forward * gaba * gudu * Time.deltaTime;
}
```

`gudu` yana kan 3, wato mita 3 a sakan. Amalanken yana da `Rigidbody`, wato jikin da injin fiziks ke yi wa lissafin motsi da karo, mai nauyin kilo 40, kowane kwali kilo 5. Na saka `Application.targetFrameRate = 60` don gwajin kwamfuta ya tsaya a ma'auni ɗaya.

Talata, 7 ga Oktoba

Ranar banza, amma zan rubuta ta don kada in maimaita.

Na zaci matsalar tana wajen gano karo ce, sai na mayar da `Collision Detection` daga `Discrete` zuwa `Continuous Dynamic`. Babu abin da ya sauya. Na ɗaga `Default Solver Iterations` daga 6 zuwa 20. Babu. Na ƙara `Linear Damping` a kan kwalaye, sai suka koma faɗowa a hankali kamar auduga, karkarwar kuwa tana nan daram. Daga ƙarshe na kunna `Is Kinematic` a kan amalanken, saitin da ke hana injin fiziks ture shi. Rawar jikin bango ta tsaya cak, na fara murna, sai na ga dalili: yanzu ratsa bangon yake yi ya wuce kamar aljani. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na mayar da komai yadda na same shi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau na daina taɓa saituna, na fara awo. Na sa wasan ya riƙa rubuta mini abu biyu a kowane firem, wato kowane hoto ɗaya da allo ke zanawa: inda amalanken yake, da `rb.linearVelocity`, wato gudun da injin fiziks ya san amalanken yana yi.

Ina tura shi a fili, idona yana ganinsa yana sheƙa mita 3 a sakan, amma gudun da ake rubutowa sifili ne. Nan na ajiye kofin shayina. Ashe duk tsawon watan nan injin fiziks bai taɓa sanin amalanken yana tafiya ba.

Abin da na gane shi ne, duniya biyu ce a cikin wasan. Akwai wadda ake zanawa, inda kowane abu ke da `transform` ɗinsa. Akwai kuma ta injin fiziks, wanda a Unity PhysX ne na kamfanin NVIDIA, kuma shi yana riƙe da nasa lissafin: wuri, gudu, nauyi, da wanda ke taɓa wane. A ka'ida injin ne ke lissafi sannan ya rubuta sakamakon a cikin `transform`. Ni kuwa na juya abin, ina rubutu a `transform` da hannuna. Idan lokacin takun fiziks ya zo, Unity ya kwashe sabon wurin ya miƙa wa injin, injin kuma ya karɓe shi a matsayin ɓacewa da bayyana. A wurinsa amalanken bai yi tafiya ba. Yana tsaye a nan, sai aka wayi gari yana tsaye a can.

Wannan kaɗai ya warware mini gwajin jiya. `Continuous Dynamic` yana duba hanyar da abu zai bi ne bisa ga gudunsa, don kada ya tsallake bango. Abin da gudunsa sifili ne ba shi da hanyar da za a duba.

Sai maganar bango. Na kai amalanken jikinsa na riƙe maɓalli, na duba yawan santimitar da hancinsa ke nutsewa a ciki a kowane firem. Lambobin ba su fito tsaf ba, amma salonsu a bayyane yake: kusan 5, 5, 5, 5, 5, sai 10, sannan a sake daga farko.

Na ɗauki biro. Firem 60 a sakan, mita 3 a sakan, kowane firem santimita 5 ke nan. Shi kuwa fiziks ba ya bin firem. Yana da nasa agogon, `Fixed Timestep`, wanda yake kan 0.02, wato taku 50 a sakan. A cikin firem ɗaya, takun fiziks ne ke fara gudana idan lokacinsa ya yi, sannan `Update`, sannan a zana hoto. To injin ya tarar da amalanke a cikin bango, ya turo shi waje. Kafin a zana, `Update` nawa ya sake cusa shi santimita 5. Haka ake ta yi. Amma da yake 50 bai kai 60 ba, a cikin kowane firem shida akwai ɗaya da babu takun fiziks a cikinsa. A wannan firem ɗin babu mai turo shi waje, sai 5 ta hau kan 5 ta zama 10. Firem na gaba a dawo da shi 5. Sittin a raba shida, goma. Sau goma a kowane sakan amalanken ke zabura gaba ya dawo, kuma wannan ce zazzaɓin da ƙanena ya gani.

Na ji daɗin wannan lissafin fiye da yadda ya kamata babba ya ji daɗin raba sittin gida shida.

Kwalayen ma labarin ɗaya ne. Abin da ke sa kaya su bi amalanke a duniya shi ne gogayya tsakanin gindin kwali da katakon da yake zaune a kai. Injin yana lissafa gogayya ne daga bambancin gudun abubuwa biyun. Amalanke sifili, kwali sifili, babu bambanci, babu abin da zai ja kwalin. Ba sulalewa baya suke yi ba kamar yadda na zata ranar Litinin. Suna zaune ne a inda suke, ana zare amalanken daga ƙarƙashinsu kaɗan-kaɗan, har katakon baya ya iso ya bayyana a cikin jikinsu. Daga nan injin ya riƙa turo su waje, ni ina sake cusa katakon, irin dai wasan da ake yi da bango.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kafin in gyara, na so in ga yadda cutar take a waya, don in sami abin kwatantawa daga baya. Na cire layin firem 60, na haɗa wasan na tura a wayata. Idan ba ka ce komai ba, Unity kan tsaya a firem 30 a kan waya, don haka kowane tsalle ya zama santimita 10.

A nan kwalaye ba rawa kawai suke ba, dirowa suke ta baya. Na daɗe kafin in gane dalili. Tsayin katakon baya santimita 12 ne. Idan abu biyu suka shige cikin juna, injin yana raba su ne ta hanya mafi kusa. Muddin katakon ya shiga kwalin da ƙasa da santimita 12, hanya mafi kusa ita ce a tura kwalin gaba. Da zarar waya ta ɗan yi tuntuɓe, firem ɗaya ya wuce sakan 0.04, tsallen ya haura 12, sai hanya mafi kusa ta koma sama. Kwalin ya ɗaga ya hau kan katakon, a zare amalanken daga ƙarƙashinsa, ya faɗo ƙasa. A kwamfuta tsallen da wuya ya wuce 10, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Da na saki wasan a haka, da masu ƙananan wayoyi sun yi ta zubar da kaya suna zargin hannunsu.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci na zauna na sake rubuta motsin. Karanta maɓalli ya zauna a `Update`, domin a kowane firem ake sabunta shi. Motsa jiki kuwa ya koma `FixedUpdate`, wanda ke gudana daf da kowane takun fiziks. Na kuma kulle juyawar X da Z a `Freeze Rotation` don kada amalanken ya kife.

Gwajin farko na yi shi da gaggawa: na rubuta gudun kai tsaye a `rb.linearVelocity`. Na kai shi bango na danna. Shiru. Ya jingina ya tsaya kamar an dasa shi. Dalilin mai sauƙi ne. Yanzu injin ne ke da ikon motsin, ni roƙo kawai nake. Na ce masa ina son mita 3 a sakan, ya duba ya ga bango, ya hana gudun tun kafin ya zama tafiya. Babu nutsewa, don haka babu turowa.

Sai dai kwalaye sun ci gaba da gudu baya a lokacin tashi, wannan karon sulalewa ta gaskiya. Daga sifili zuwa mita 3 a sakan cikin taku ɗaya na 0.02 hanzari ne na mita 150 a sakan a kowane sakan. Ko motar tsere ba ta wannan. Gogayyar da Unity ke ba abu idan ba ka saka masa komai ba 0.6 ce, jan ƙasa kuma 9.81. A ninka su a sami kusan 5.9. Wannan shi ne iyakar hanzarin da kwali zai iya bi kafin ya fara zamewa, aƙalla a takarda, domin injin ba ya bin lissafin aji harafi da harafi. Duk da haka ya ba ni wurin farawa. Na sa wa canjin gudun linzami:

```csharp
void FixedUpdate()
{
    Vector3 buri = rb.rotation * Vector3.forward * gaba * gudu;
    Vector3 v = rb.linearVelocity;
    Vector3 gibi = buri - new Vector3(v.x, 0f, v.z);
    gibi = Vector3.ClampMagnitude(gibi, hanzari * Time.fixedDeltaTime);
    rb.AddForce(gibi, ForceMode.VelocityChange);
}
```

Ma'anarsa: a duba gudun da nake so, a duba wanda ake yi, a cike giɓin, amma kada abin da za a ƙara a taku ɗaya ya wuce ƙa'ida. Gudun sama da ƙasa ban taɓa shi ba, na bar wa jan ƙasa kayansa. Na sa `hanzari` a kan 5.

Na danna gaba, amalanke ya ƙi motsi sam.

Na yi kusan rabin awa ina neman kuskure a kod ɗin, babu. Sannan na tuna da lambar da na gama lissafawa da hannuna. Amalankena ba shi da tayoyi na gaske, tayoyin zane ne kawai. A wurin injin akwati ne mai kilo 40 zaune a kan siminti, kuma gogayyar da ke tsakaninsa da ƙasa ita ma 0.6 ce. Ina turawa da 5, ƙasa tana riƙewa da 5.9. Da can ban taɓa haɗuwa da wannan ba saboda mai ɓacewa ya bayyana ba ruwansa da gogayya. Na ƙirƙiri `Physics Material` mai gogayya sifili, na sa `Friction Combine` a kan `Minimum`, na liƙa shi a akwatin gindi kaɗai. Katakon da kwalaye ke zama a kai na bar shi da gogayyarsa.

Ya tashi. Kwalaye uku suka tashi tare da shi, ko gezau.

Wani abu ya zo mini a kyauta. Turin da nake yi a jikin amalanken kaɗai yake sauka, kwalayen kuma jansu ake yi. Da kwalaye uku, kilo 40 ne ke jan kilo 55, sai hanzarin ya sauko daga 5 zuwa kusan 3.6. Amalanke mai kaya ya fi nauyin tashi, ya fi wuyar tsayawa, ban rubuta ko layi ɗaya a kan haka ba. A jerin ayyukana akwai "sa lodi ya yi nauyi a hannu", na ware masa kwana biyu. Na soke shi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Tunda na san fuskar ɓarawon, na bi duk fayilolin aikin ina neman `transform.position` da `transform.Translate`. Na sami guda bakwai. Biyar na kamara ne da rubutun allo, abubuwan da ba su da `Rigidbody`, waɗannan ba laifi. Ɗaya na mayar da amalanke wurin farawa ne. Na ƙarshen shi ne na ɗaukar kwali da yatsa lokacin lodi, kuma shi ya warware mini wani abin mamaki da na daɗe ina kauda kai daga gare shi.

Tun makonnin baya na lura cewa idan ka ɗauki kwali ka daɗe da shi a sama, da ka kawo shi saitin amalanke sai kwalayen da ke ƙasa su watse tun bai taɓa su ba. Idan kuma ka sake shi, wani lokaci ya sauka lafiya, wani lokaci ya ɓace ta cikin ƙasa. Na rubuta shi a matsayin "abin dubawa" na wuce.

Ga abin da ke faruwa. A kowane firem ina mayar da `transform.position` na kwalin zuwa inda yatsa yake. A ido yana tsaye cak a iska. Amma `Use Gravity` yana kunne, kuma rubutu a `transform` ba ya goge gudu. A wurin injin kwalin faɗowa yake yi, kuma kowane sakan gudun faɗuwar yana ƙaruwa da 9.81. Bayan sakan uku a hannu ya kai mita 29 da ɗoriya a sakan, sama da kilomita 100 a awa. A taku ɗaya yana nitsawa kusan santimita 59, ya doki duk abin da ke ƙasa, sannan `Update` ya fizgo shi ya mayar sama kafin a zana hoto. Duka ake yi da gudumar da ba a gani. Idan ka sake shi kuma, da wannan gudun zai tafi, ƙasan sitona kuwa siriri ne.

Wannan ya fi na bango muni a ganina, domin na bango yana nuna kansa. Wannan lafiya lau yake a ido har sai ya yi ɓarna a wani wuri daban.

Hanya biyu ce gabana. Ko in kunna `isKinematic` lokacin ɗauka in motsa shi da `MovePosition`, ko in bar shi a hannun injin in ja shi da gudu. Ta farko ta fi sauƙi, amma na ga abin da ta yi ranar Talata: jiki irin wannan ba ya tsayawa don bango, kuma duk kwalin da ya matse tsakaninsa da kanta sai ya rasa mafita ya kama karkarwa. Ina son kwalin da ke hannu ya bugi kanta ya tsaya. Na ɗauki ta biyu, na kashe `useGravity` lokacin ɗauka, in kunna lokacin saki:

```csharp
Vector3 nisa = wurinYatsa - rb.position;
rb.linearVelocity = Vector3.ClampMagnitude(nisa * 15f, 8f);
```

Da farko na ninka da 50, don ya cike nisan duka a taku ɗaya. Ya yi tsauri, yana fizga, kuma idan yatsa ya shige bayan kanta sai ya yi ta dukanta. Da 15 yana bin yatsa da ɗan jinkiri mai daɗi, kamar abu mai nauyi. Iyakar mita 8 a sakan ita ke hana shi zama harsashi idan an ja yatsa daga wannan gefen allo zuwa wancan.

Na mayar da amalanke wurin farawa kuwa, wannan ɓacewa da bayyana ce ta halal, ita ake so. Na canza shi zuwa `rb.position` da `rb.rotation`, na kuma mayar da `linearVelocity` da `angularVelocity` sifili, don darasin kwalin nan bai wuce awa ɗaya ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

An gudu ba a tsira ba. Ƙanena ya sake gwadawa ya ce, "Yaya, bangon ya warke, amma yanzu a fili yake tsuma." Gaskiyarsa. Ba irin ta da ba ce, wannan siririya ce, kamar hoton yana sarƙewa, kuma ta fi fitowa idan ka kafa ido a kan amalanken kamara tana binsa.

Hamsin da sittin ne suka dawo ta wata ƙofa. A da ina motsa shi a kowane firem, shi ya sa tafiyar fili ta yi sumul. Yanzu injin ne ke motsa shi, sau 50 a sakan, santimita 6 kowane taku. Allo yana zanawa sau 60. Sai ya zama 6, 6, 6, 6, 6, sannan firem ɗaya da bai motsa ba ko kaɗan. Kamarata tana bin sa a `LateUpdate` da laushi, tana tafiya a kowane firem, don haka duk lokacin da ya tsaya ita ta ci gaba, sai ido ya ga kamar ya ja baya.

Yana da kyau in rarrabe su a nan, don na ga yadda mutum zai rikita su. Karkarwar farko a jikin abu take fitowa, kuma gudun da injin ya sani bai dace da abin da ido ke gani ba. Ta biyu a fili take fitowa, gudun injin daidai yake, zanen ne kawai ke tsalle.

Zuciyata ta raya mini in mayar da `Fixed Timestep` kashi ɗaya cikin sittin in huta. Na ƙi. Zai rufa asiri a kwamfutata, amma wayoyi akwai mai zana 30, akwai 60, akwai 90 da 120, kuma ko a 60 ɗin agogon biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa koyaushe. Maganin da aka tanada shi ne `Interpolate` a kan `Rigidbody`. Da shi, Unity yana zana abu a tsakanin wurarensa biyu na ƙarshe da injin ya lissafa, gwargwadon lokacin da ya wuce. Kuɗinsa shi ne hoton yana bin gaskiya a baya da abin da bai wuce taku ɗaya ba, sakan 0.02. A wasan turin amalanke babu mai jin wannan. Akwai ɗan'uwansa `Extrapolate` mai hasashen gaba, na gwada, amma da yake hasashe ne sai hancin amalanken ya ɗan leƙa cikin bango kafin ya gane an tsaya. Na bar shi.

Na kunna wa amalanke, ya yi laushi, sai kwalayen da ke kansa suka fara rawa su kaɗai, domin shi ana zana shi a tsakani su kuma a kan taku. Na kunna musu su ma.

Laraba, 15 ga Oktoba

Jiya babu wuta yini guda, ban taɓa komai ba.

Yau na tarar da saura ɗaya. Tafiya miƙe lafiya lau, amma da na fara shan kwana sai tsumar ta dawo, in saki maɓallin juyawa ta ɗauke. Ruwa ba ya tsami banza. Na koma fayil ɗin amalanke, sai ga `transform.Rotate` zaune a cikin `Update`. Bincikena na ranar Asabar wuri kawai na nema, na manta juyawa ma rubutu ce a `transform`. Kafin in kunna `Interpolate` ɓarnarsa ba ta fito sosai ba. Yanzu kuwa fiziks ne ke riƙe da `transform` ɗin a kowane firem yana rubuta wurin tsakani, ni kuma ina sa hannu a kan sitiyarin da wani ke riƙe da shi.

Na mayar da juyawar `FixedUpdate`, ta hanyar `rb.angularVelocity`. Na rubuta 90 ina nufin digiri 90 a sakan, amalanke ya kama juyi kamar katantanwa, kwalaye suka watse kusurwa huɗu. Ma'aunin radiyan ne ba digiri ba. Abin da ya hana shi tashi sama ma shi ne `maxAngularVelocity` da ke kan 7, wanda shi kansa kusan digiri 400 ne a sakan.

```csharp
rb.angularVelocity = Vector3.up * juya * 90f * Mathf.Deg2Rad;
```

Wannan ya ba da kusan 1.57, kuma kwana ta koma kwana.

Asabar, 18 ga Oktoba

Gwajin waya, irin na ranar 9 ga wata, a lungu ɗaya da kwalaye uku. Na riƙe gaba a jikin bango na ƙirga ashirin, bai motsa ba. Na ɗauki kwali na riƙe shi minti guda na saki, ya sauka kamar kwali. Don in tsananta, na sa `Application.targetFrameRate = 20`. Hoton ya yi muni, amma babu kwalin da ya diro ta baya, domin yawan firem ba shi ke yanke tsawon tsalle ba yanzu. Waya ta yi sauri ko ta yi nawa, takun fiziks santimita 6 ne.

Ƙanena ya kai kaya bakin mota sau huɗu a jere, sannan ya kawo sabon ƙorafi: idan ya sha kwana da cikakken gudu, musamman da lodi, amalanken yana zamewa gefe kamar a kan tabo. Wannan ni na jawo. Na cire masa gogayyar ƙasa gaba ɗaya, don haka abin da ke hana shi zamewa gefe shi ne turin nan mai iyakar 5, wanda kuma shi ne na gaba da na birki. Shan kwana da mita 3 a sakan da juyawar 1.57 yana buƙatar kusan 4.7 shi kaɗai, da lodi kuwa 3.6 kawai nake da shi. Tayar gaske tana gangarawa gaba cikin sauƙi amma tana ƙin tafiya gefe. Ranar Litinin zan raba giɓin gida biyu, na gaba da na gefe, kowanne da iyakarsa. Na gefen zan fara da 8 in ga ko kwalaye za su jure, tunda nasu riƙon bai wuce 5.9 ba. Idan suka zube a kwana mai tsanani, wataƙila in bar shi haka, don wasan dama na kada a zubar da kaya ne.